Tarawa ko Debewa: Saɓanin Littattafai a Kan Dokar Farko ta Zafi da Aiki

Ɗalibin da ya buɗe littafin kemistiri na Atkins da safe, da la'asar kuma ya buɗe littafin injiniya na Çengel da Boles, zai tarar da doka guda an rubuta ta iri biyu. Na farko ya ce:

ΔU = q + w

Na biyu kuwa, idan abin da ake nazari yana zaune wuri ɗaya, cewa ya yi:

ΔU = Q − W

Dukansu suna kiran wannan layi da suna ɗaya, wato dokar farko ta ilimin zafi da aiki. Abin da ke fara zuwa ran mai karatu shi ne an yi kuskure wajen bugu. To, babu kuskuren kowa. Kowane littafi daidai yake a cikin gidansa, kuma idan aka ba su tambaya ɗaya, amsa ɗaya za su fitar. Harafin nan na aiki ne yake da ma'ana biyu masu juya wa juna baya, kuma akwai tarihin da ya jawo haka.

Dokar kanta ba ta da wuya. Ka zaɓi wani abu, ka zagaye shi da iyaka a zuciyarka: iskar da ke cikin silinda, ko ruwan da ke cikin tukunya. Abin da ke cikin iyakar shi ɗalibai suke kira sistem, sauran duniya kuma waje ne. Sistem yana da ajiyar makamashi a cikinsa, wadda take cikin kai-komon ƙwayoyinsa da riƙon da suke yi wa juna, ita ce ake rubutawa da U. Muddin ba wani abu da ke shiga ko fita da jikinsa, ƙofa biyu kaɗai ajiyar nan take da ita. Ɗaya ita ce zafi, wato makamashin da ke tsallake iyaka saboda gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. Ɗayar ita ce aiki, wato makamashin da ke tsallakewa ta hanyar turi, ko juya sanda, ko wutar lantarki. Abin da ya shigo ya ƙara ajiya, abin da ya fita ya rage ta. Alamar Δ kuma canji take nufi: na ƙarshe a debe na farko.

A nan babu gardama. Gardamar ta yadda za a shigar da lissafin a littafi ce. Mai shago a kasuwa yakan raba shafinsa gida biyu, kuɗin da suka shigo a gefe guda, waɗanda suka fita a gefe guda. Idan ya biya ɗan dako naira ɗari biyar, 500 zai rubuta a gefen fita, ba tare da wata alama ba, da yamma kuma ya debe jimillar wannan gefe daga ta wancan. Takardar da wasu bankuna ke bayarwa kuwa layi ɗaya ce daga sama har ƙasa: shiga 2,000, fita −500, a tara gaba ɗaya. Mai shago debewa yake yi, banki tarawa yake yi, ragowar kuɗi kuma 1,500 ne a wajen kowa. Ɓarna tana zuwa ne ranar da wani ya kwafo −500 daga takardar banki ya zuba ta a gefen fita na littafin shago. Da yamma za a debe abin da tuni yake ɗauke da debewa, sai littafi ya nuna 2,500, alhali aljihu bai san da su ba.

Littafin injiniya irin na mai shago ne. W a wurinsa shi ne aikin da sistem ya yi wa waje, don haka ake debe shi. Littafin kemistiri irin na banki ne. w a wurinsa shi ne aikin da waje ya yi wa sistem, kuma idan sistem ne ya yi aikin, sai lambar ta zo da alamar debewa a jikinta. A taƙaice w = −W. Kada a dogara da girman harafi wajen gane wanne ne wanne, domin akwai littattafai da yawa masu rubuta ΔU = Q + W da manyan haruffa. Ni dai a wannan rubutu zan riƙe babban W don aikin da sistem ya yi, ƙaramin w don aikin da aka yi masa, saboda sauƙin bi kawai.

Silinda guda, littafi biyu

Mu ɗauki silinda a tsaye, da fistin a samanta mai zamewa ba tare da gogayya ba, kuma mu yi kamar fistin ɗin ba shi da nauyi. Faɗin fuskarsa murabba'in santimita 100 ne, wato 0.01 m². A ƙarƙashinsa akwai iska lita 10 a kan 300 K, kimanin digiri 27 ke nan a ma'aunin da muka saba. Iskar sarari tana danna fistin daga sama da matsin faskal 100,000. Idan aka ninka matsi da faɗi, ƙarfin dannawar ya kama niyuton 1,000, kwatankwacin a ɗora wa fistin buhun masara mai kilo ɗari. Iskar ciki tana tokare da wannan nauyi, shi ya sa fistin yake tsaye.

Sai a sa wuta a gindin silinda a hankali, har zafi na jul 700 ya shiga iskar. Iska ta kumbura, fistin ya tashi santimita 20, lita 10 ta koma lita 12. Aikin da aka yi a nan ba sai an je littafi ba. Ƙarfin niyuton 1,000 aka tura tsawon mita 0.2, jul 200 ke nan. Haka kuma za a samu idan aka ninka matsi da ƙarin girma: 100,000 × 0.002 = 200. Wa ya yi aikin? Iskar ciki, domin ita ta ɗaga buhun. Daga ina ta biya? Daga jul 700 ɗin da aka ba ta. Abin da ya rage mata a ajiya jul 500 ne. Mun kai ga amsa ba mu taɓa ko alama ɗaya ba.

Injiniya zai rubuta Q = +700, sannan W = pΔV = +200, ya ce ΔU = 700 − 200 = 500. Masanin kemistiri zai rubuta q = +700, sannan w = −pΔV = −200, ya ce ΔU = 700 + (−200) = 500. A lura da inda alamar debewa ta zauna a wurin kowanne. Injiniya ya ajiye ta a cikin dokar, ya bar ma'anar aiki wankakkiya. Masanin kemistiri ya bar dokar wankakkiya, ya tura alamar cikin ma'anar aiki. Debewa ɗaya ce tak, dole ta bayyana sau ɗaya, ba sau biyu ba, ba kuma a rasa ta ba.

Ga yadda ake faɗawa rami. Ɗalibi ya haddace ΔU = q + w a ajin kemistiri, ya haddace W = pΔV a ajin fiziks, ranar jarrabawa ya haɗa su: 700 + 200 = 900. Wani kuma ya ɗauko Q − W daga nan, ya ɗauko −pΔV daga can, ya rubuta 700 − (−200), shi ma ya sauka a 900. Na farko ya rasa debewar gaba ɗaya, na biyu ya yi ta sau biyu, rami ɗaya suka faɗa. Kuma amsar da kanta tana tona asirin kanta ga wanda ya tsaya ya dube ta. An ba iska jul 700, ta ɗaga kaya, sannan a ce ajiyarta ta ƙaru da 900? Ta kashe kuɗi kuma ta fi abin da aka ba ta. Da haka ake yi, da babu mai sayen man janareta.

Akwai hanyar tabbatarwa ta biyu wadda ba ta bi ta kan dokar farko ba sam. A matsi ɗaya, girman iska yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da matakin zafinta a ma'aunin Kelbin. Lita 10 ta zama 12, ƙarin kashi ɗaya cikin biyar ke nan, don haka 300 K ta zama 360 K, ƙarin 60. Wannan adadin iska, kimanin mol 0.4, ajiyarta tana ƙaruwa da jul 8.3 da ɗoriya a kowane digiri. Ninka da 60, ka sami jul 500. Da 900 ce amsar, da iskar ta hau da digiri 108 ta kai 408 K, kuma iska mai wannan zafi a wannan matsi lita 13.6 za ta cika. Fistin da ya tsaya a lita 12 ya ƙaryata wannan.

A juya al'amarin kuma. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska da famfon hannu ya san gindin famfon yana ɗumi. Idan ka toshe bakin famfo da yatsa ka danna da sauri, zafi ba ya samun lokacin shiga ko fita, don haka Q kusan sifiri ne. A ce hannunka ya yi aikin jul 50. Masanin kemistiri zai ce w = +50, ΔU = +50, ya wuce abinsa. Injiniya zai ce iskar ba ta yi aiki ba, yi mata aka yi, saboda haka W = −50, ΔU = 0 − (−50) = +50. A wannan karon injiniya ne ya sha wahalar debewa biyu. Kowane tsari yana da inda yake tafiya sumul da inda yake tuntuɓe, kuma wannan ne ya kai mu ga dalilin da ya sa kowa ya zaɓi nasa.

Wanda ya sayi gawayi, da wanda ya riƙe kwalba

Ilimin nan a gindin injin tururi aka haife shi. Tun kafin a san dokar farko, masu haƙar ma'adinai a Cornwall ta Ingila suna auna ingancin injinan da ke zuƙe musu ruwa daga rami da tambaya guda: mudu nawa na gawayin ƙasa aka ƙona, ruwa mai nauyin nawa aka ɗaga? Littafin da Sadi Carnot ya fitar a Faransa a 1824 a kan ƙarfin da wuta ke bayarwa, shi ma wannan tambayar yake bi. Ga mutumin da ke wannan matsayi, zafi shi ne abin da ya saya, aiki shi ne abin da yake jira. Ba zai yi masa daɗi ba a rubuta ribarsa da alamar debewa. Saboda haka zafi mai shiga ya zama sama da sifiri, aiki mai fita shi ma ya zama sama da sifiri, ko da yake sun saɓa alkibla.

Bayan Mayer a 1842 da gwaje-gwajen Joule na shekarun da suka biyo sun nuna cewa zafi da aiki kuɗi ɗaya ne da ake canzawa a kan farashi tsayayye, Rudolf Clausius ya rubuta dokar a 1850 da idon mai inji. Idan aka sa maganarsa a haruffan yau, Q = ΔU + W ce. Karanta ta kamar jimla, za ka ji tana da daɗin faɗa: zafin da na zuba ya rabu gida biyu, wani ya zauna a ciki, wani ya fita a matsayin aiki. Babu alamar debewa ko ɗaya a nan. Sai da aka ketarar da W zuwa ɗaya gefen don a bar ΔU shi kaɗai, sannan debewar ta fito. Enrico Fermi ma, a ƙaramin littafinsa na 1937, haka ya rubuta ta, ΔU + L = Q, inda L ke tsaye a madadin aikin da sistem ya yi.

Tsarin yana da wani amfani da injiniya ba ya son rabuwa da shi. Tun zamanin James Watt ake zana matsin da ke cikin silinda a tsaye, girmanta a kwance, kuma filin da ke ƙarƙashin layin shi ne aikin. Inji yana zagayawa ya dawo inda ya fara, don haka a zagaye guda ΔU sifiri ne, sai dokar ta rage Q = W: zafin da ya shiga bayan an cire wanda ya fita, daidai yake da aikin da aka samu. Filin da zanen ya kewaye shi ne abin da injin ya bayar, lamba ce sama da sifiri, daga gare ta ake lissafa ƙarfin inji.

Masanin kemistiri kuwa ba ya jiran aiki daga kwalbarsa. Abin da ya dame shi shi ne halin abin da ke ciki: ajiyarsa ta ƙaru ko ta ragu, kuma da nawa. A wurinsa kumburar gas ɗan ƙaramin gyara ne a gefen lissafi. Ɗauki dutsen farar ƙasa da ake gasawa a masana'antar siminti, kamar ta Sakkwato ko ta Ashaka. Idan aka yi lissafin a kan 298 K, mol ɗaya na CaCO₃ yana buƙatar zafi kimanin kilojul 178 kafin ya rabu ya zama CaO da iskar CO₂. Iskar da ta fito dole ta ture iskar sarari ta samar wa kanta wuri, kuma wannan turi kimanin kilojul 2.5 ne kawai. Ajiya ta ƙaru da kusan 175.5. Mutumin da ke irin wannan lissafi kullum, yau da batir, gobe da narkewar gishiri, ƙa'ida ɗaya yake so wadda ba ta da togiya: duk abin da ya shiga sistem tarawa ne, duk abin da ya fita debewa ne, ko zafi ko aiki. Max Planck ya bi wannan hanya a littafinsa na 1897, inda ya ɗauki aikin da waje ya yi wa sistem. Daga baya ƙungiyar kemistiri ta duniya, IUPAC, ta sa shi a cikin shawarwarinta, shi ya sa kusan duk littafin kemistiri na yau q + w yake rubutawa.

Amma kada a ɗauka rabon ya tsaya cif a kan fanni. Littafin Lewis da Randall na 1923, wanda ya raini masanan kemistiri na Amurka masu yawa, q − w ya rubuta. A fiziks, Halliday da Resnick suna kan Q − W, wasu littattafan fiziks kuma suna kan tarawa. Abin da ya fi cin ɗaliban injiniya a ƙasashen da ke karatu da littattafan Birtaniya shi ne littafi guda ya sauya sheƙa tsakanin bugu da bugu. Rogers da Mayhew sun koma tsarin tarawa a bugunsu na huɗu a 1992, Eastop da McConkey kuma a bugu na biyar a 1993. Ɗakin karatu yana iya ajiye tsohon bugu, malami yana koyarwa daga sabo, takardun da ɗalibai ke gadon kwafinsu daga na gaba da su kuma sun cakuɗa biyun. Suna ɗaya a bango, alama dabam a ciki.

Idan aka tambaye ni, tsarin tarawa ya fi sauƙin koyarwa, domin ƙa'ida ɗaya ce ake riƙewa, kuma ba ya rikicewa idan ayyuka iri-iri suka taru a tambaya guda. Sai dai ban ga laifin injiniyan da ya ƙi rubuta cewa injin tashar lantarki yana ba da megawat ƙasa da sifiri ba. Shi ya sa littattafan injiniya da yawa a yau suke kauce wa rigimar, su rubuta kowane adadi a matsayin lamba sama da sifiri da ɗan rubutu a gindinsa mai nuna shiga ko fita, sannan su ce abin da ya shiga a debe abin da ya fita shi ne canjin ajiya. Littafin mai shago ke nan sak.

Zafi ma bai tsira ba

Yawanci akan ce a kan aiki kaɗai aka saɓa, kowa ya yarda zafi mai shiga tarawa ne. A littattafan yau haka ne a rubutun dokar, amma ba haka abin yake ko'ina ba. Tsofaffin littattafan kemistiri suna rubuta zafin da ƙonewa ta fitar a matsayin riba, su jera shi tare da abin da aka samu: C + O₂ → CO₂ + 94 kcal. Littafin yau zai rubuta wannan al'amari da ΔH = −394 kJ ga kowane mol. Adadi ɗaya ne, ma'auni ya canza, alama ta juye, domin na da yana tsaye a waje yana karɓar ɗumi, na yau yana tsaye a cikin sistem yana ganin asara. Clausius da kansa ya sauya: a wasu rubuce-rubucensa na farko zafin da jiki ya bayar ya ƙirga sama da sifiri, a na 1865 kuma ya koma ƙirga wanda jiki ya karɓa.

Ko a littafi guda na zamani akwai tarko. Babin farko zai ce zafi mai fita ƙasa da sifiri yake. A babin injina sai ka ga W = Q₁ − Q₂, inda Q₁ yake zafin da inji ya karɓa, Q₂ kuma wanda ya zubar. A wannan layi an riga an sa debewar, don haka Q₂ girmansa kawai ake so. Inji ya karɓi jul 1,000 ya zubar da 600, aikinsa 400. Ɗalibin da ya yi biyayya ga babin farko ya sa −600, zai sami 1,600, inji mai ba da fiye da abin da ya ci. Ramin silindarmu ne dai, ta wata ƙofar aka shiga.

Inda ka ja iyaka

Akwai abin da ke gaban zaɓen alama, kuma shi aka fi mantawa: mene ne sistem ɗin? Ɗauki hitar da ake tsomawa a bokiti da sanyin hunturu, mai wat 1,000, a cikin ruwa lita 5, na minti ɗaya. Makamashin da ya wuce jul 60,000 ne, kuma zai ɗaga zafin ruwan da kusan digiri 3, idan ba a yi asara ta jikin bokiti ba. Idan ka ja iyakarka a kan ruwa kaɗai, ka bar ƙarfen hita a waje, to abin da ya tsallako iyaka zafi ne, daga ƙarfe mai zafi zuwa ruwa mai sanyi: Q = +60,000, aiki sifiri, tsari biyun ba su da abin saɓawa. Idan kuwa ka haɗa ruwa da hita a cikin iyaka ɗaya, abin da ke tsallakowa wutar lantarki ce ta waya, kuma wannan aiki ne. Yanzu Q sifiri ne, masanin kemistiri ya rubuta w = +60,000, injiniya ya rubuta W = −60,000. Ruwan bai san an yi wannan muhawara ba, ɗuminsa ɗaya ne. Amma wanda bai tsai da iyakarsa ba yana iya ƙirga jul 60,000 ɗin sau biyu, sau ɗaya da sunan zafi, sau ɗaya da sunan aiki.

Haka nan matsin da ke cikin pΔV. A silindarmu matsin ciki da na waje ɗaya ne saboda a hankali aka yi komai. Idan abu ya faru da gaggawa, matsin da aka tura wa, wato na waje, shi ake sawa. Gas da aka buɗe wa famfo ya bazu cikin tulun da babu komai a cikinsa ya ƙara girma, amma bai ture kowa ba, aikinsa sifiri ne a kowane tsari, kuma babu alamar da za ta gyara lissafin wanda ya sa matsin ciki a wurin.

Yadda ake gane gidan da littafi yake

Da sabon littafi ya shigo hannunka, kada ka tsaya a layin dokar kaɗai. Nemi inda ya rubuta aikin kumburar gas. Idan pΔV ne tsirara, aikin da sistem ya yi yake nufi, kuma dokarsa dole ta zo da debewa. Idan −pΔV ne, aikin da aka yi wa sistem yake nufi, dokarsa da tarawa take. Layukan biyu tare suke tafiya kamar takalmi, ba a ɗaukar ƙafa ɗaya daga wannan gida ɗaya daga wancan. Littafin da ya haɗa tarawa da pΔV tsirara, shi ne mai kuskuren bugu na gaskiya.

Idan aka zuba ma'anar aiki cikin dokar, saɓanin ɓacewa yake yi. Tsari biyun duka suna ba da ΔU = Q − pΔV a matsi tsayayye. Daga nan gaba hanya ɗaya ce: H = U + pV a kowane littafi, dU = TdS − pdV a kowane littafi, kuma alƙaluman da ke cikin teburan tururi da teburan ΔH ba su dogara da tsarin aiki da marubuci ya zaɓa ba. Injiniya yana iya ɗaukar kilojul 178 na dutsen farar ƙasa daga littafin kemistiri ya yi lissafin tanderunsa ba tare da ya juya komai ba. Abin da ba ya ɗaukuwa kai tsaye daga littafi zuwa littafi shi ne duk layin da harafin aiki yake tsaye a cikinsa da kansa. Misali, a matsawar da babu shigar zafi, wani littafi zai ce aiki daidai yake da ΔU, wani ya ce daidai yake da −ΔU.

A ɗakin jarrabawa tambaya takan zo da kalmomi, ba da alama ba: gas ya karɓi zafi na jul 300, an kuma yi masa aiki na jul 120. Kafin ka rubuta kowace doka, zana akwati, ka sa kibiya ga kowane adadi. Kibiya biyu duk ciki suke nuni, don haka ajiya ta ƙaru da 420. Sai bayan nan ka duba tsarin da malaminka yake bi, ka rubuta masa 300 + 120 ko 300 − (−120), ka kuma faɗa a layi ɗaya a saman amsarka abin da W yake nufi a wurinka. Idan kuma tambayar ta ce W = −120 kawai ba ta yi bayani ba, to amsa biyu take ɗauke da su, 420 a gidan Clausius, 180 a gidan IUPAC, kuma ba za a iya raba gardamar ba sai an san littafin da mai tambayar ya buɗe.